Ɓoyayyar Manhaja: Tambayoyi da Amsoshi Kan Darussan da Ba a Rubuta a Allo

Tambayoyin nan su ne waɗanda iyaye, sababbin malamai da ɗaliban koyon aikin malanta suka fi maimaitawa idan maganar ɓoyayyar manhaja ta taso. Fagen yana da faɗi, don haka na fi ba da ƙarfi ga wuri ɗaya da kowa ya sani: lokacin da malami ya yi tambaya, yaro ya amsa, sannan a ba shi maki.

1. Mece ce ɓoyayyar manhaja?

Manhaja ita ce abin da aka tsara a rubuce za a koyar: lissafi, karatu, kimiyya, tarihi, da abin da ake so yaro ya iya a ƙarshen zango. Ɓoyayyar manhaja kuwa ita ce abin da yaro yake ɗauka daga yadda ake tafiyar da makarantar kanta, ba tare da wani ya tsaya gaban allo ya koyar da shi ba. Babu darasin da ake kira "jiran izini kafin ka yi magana", amma kowane yaro ya iya shi kafin ya gama aji ɗaya. Babu jarrabawar "gane fuskar malami", amma yara suna cin ta da kyau.

Ga misali ƙarami. Yarinya tana tsakiyar warware lissafi, ta kusa kamo bakin zaren, sai aka kaɗa ƙararrawa. Aka ce kowa ya rufe littafi, darasi na gaba ya shigo. Ba wanda ya ce mata lokaci ya fi fahimta daraja. Amma idan hakan ya faru sau da yawa a rana, shekara da shekaru, abin da zai zauna mata ke nan.

2. Wa ya ɓoye ta? Da gangan ake yi?

Galibi ba wanda ya ɓoye ta, kuma sunan yana ɗan ruɗar da mutane. Abin yana fili, sabo ne ya rufe mana ido. Malamin da ya yi shekara goma yana kiran masu ɗaga hannu da sauri ba ya ganin yana zaɓe, a wurinsa koyarwa kawai yake yi. Yawancin waɗannan halaye sun fito ne daga larura: mutum ɗaya, yara da yawa, lokaci ƙayyadadde, ga manhajar da dole a gama kafin jarrabawa.

Wannan ba ya nufin babu mai laifi a ko'ina. Akwai tsarin da wasu ke amfana da shi a kan wasu, kuma amsa ta 10 ta taɓo hakan. Amma wanda ya fara da neman maƙarƙashiya zai rasa abin da ya fi yawa, wato ƙananan abubuwan da malami nagari yake yi kullum da zuciya ɗaya.

3. Daga ina sunan ya samo asali?

An fi danganta shi ga Philip Jackson, masanin ilimi a Jami'ar Chicago, wanda ya daɗe yana zama a bayan azuzuwan firamare yana kallo, ya wallafa abin da ya gani a 1968. Ya ce abubuwa uku ne yaro zai koyi zama da su in yana son ya tsira a makaranta: taro, yabo, da iko. Taro, domin yana cikin mutane da yawa, dole ya koyi jira, da haƙuri idan an hana shi, da ci gaba bayan an katse shi. Yabo, domin kullum ana auna shi a gaban wasu. Iko, domin akwai wanda yake yanke abin da za a yi da lokacin da za a daina.

Tun kafin shi, a 1938, John Dewey ya yi gargaɗi cewa kuskure ne babba a ɗauka mutum yana koyon abin da ake karantar da shi kaɗai a wannan lokacin. A ganinsa, so ko ƙin da yaro ya ɗauka game da karatu yakan fi darasin kansa daɗewa a jiki.

4. Ku ba mu misali na kusa, wanda za mu iya gani a kowane aji.

Wata rana ina zaune a bayan wani ajin firamare, malama tana koyar da ɓangarorin tsiro. Ta ce, "Wane ɓangare ne yake shan ruwa?" Hannaye biyar suka tashi, duk a layin gaba. Ta kira ɗaya. Ya ce, "Saiwa." Ta ce, "Da kyau, a tafa masa." Sai wani yaro a gefen taga, bai ɗaga hannu ba, ya ce a hankali, "Malama, to me ya sa idan an yanke reshe aka sa a ruwa ba ya bushewa da wuri, alhali ba shi da saiwa?" Ta ce, "Wa ya ba ka izinin magana? Ba nan muke ba." Ta juya ga allo. Yaron ya sunkuyar da kai yana kankare bakin tebur da farcensa har aka tashi.

A takarda, darasin ya yi nasara: yara sun san saiwa ke shan ruwa. Amma a cikin minti ɗayan nan aji ya koyi wasu abubuwa. Tambaya ta malami ce, amsa ta ɗalibi. Amsa mai kyau gajera ce, kuma malami ya riga ya san ta. Tafi na mai sauri ne. Tambayar da ta fi kowace magana kama da kimiyya a ranar, ita ce ta jawo tsawa. Ban ga mugunta a wurin malamar ba, agogo take kallo. Sai dai yaron gefen taga ba agogon ya gani ba.

Masu nazarin zancen aji sun daɗe da lura da wannan zubi mai hawa uku: malami ya tambaya, ɗalibi ya amsa, malami ya yanke hukunci. A hira ta yau da kullum, wanda ya tambaye ka ƙarfe nawa ba ya cewa "daidai ne" bayan ka faɗa masa. A aji ne ake tambayar abin da aka riga aka sani, kuma yara suna gane wannan da wuri.

5. Na ji ana cewa jiran sakan uku yana canza aji. Gaskiya ne?

Akwai bincike a bayan maganar. Mary Budd Rowe, masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, ta naɗi muryoyin darussa masu yawa ta auna shirun da ke biyo bayan tambaya, ta fitar da sakamakon a farkon shekarun 1970. Ta samu cewa malamai suna jira kimanin sakan ɗaya ne kawai kafin su maimaita tambayar, ko su kira wani, ko su amsa da kansu. Haka kuma idan yaro ya gama magana, kusan nan take suke cafewa. Da aka horar da malamai su tsawaita jiran zuwa sakan uku ko fiye, sai amsoshi suka yi tsawo, masu cewa "ban sani ba" suka ragu, yaran da ba sa magana suka fara shiga, kuma ɗalibai suka fara yin tambaya da kansu.

Abin da ya fi taɓa ni a binciken shi ne, malamai sun fi jiran yaran da suke ɗauka masu ƙoƙari ne, suna saurin wuce waɗanda suke ganin ba su ja sosai. Wanda ya fi buƙatar lokaci, shi aka fi tauye wa. Sakan ɗaya yana isa ne kawai ga wanda ya haddace. Mai son ya yi tunani ba zai kai ba, kuma yau da gobe sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba mai ƙwaƙwalwa ba ne, alhali abin da ya rasa sakan biyu ne.

6. Maki fa? Ai lamba ce kawai da ke nuna ƙoƙarin yaro.

Maki yana aunawa, amma yana koyarwa kuma. A 1988 Ruth Butler ta wallafa wani gwaji da ta yi da yaran aji biyar da shida. An mayar wa wasu aikinsu da maki kaɗai, wasu da bayani kaɗai kan abin da suka yi da abin da za su gyara, wasu kuma da maki da bayani tare. Waɗanda suka samu bayani kaɗai ne aikinsu ya inganta. Waɗanda suka samu duka biyun ba su bambanta sosai da masu maki kaɗai ba, kamar dai makin ya haɗiye bayanin. Duk malamin da ya taɓa raba littattafai ya ga haka da idonsa: yaro ya buɗe, ya kalli lambar da ke cikin da'irar jan biro, ya leƙa ta maƙwabcinsa, ya rufe.

Sai kuma abin da makin yake sakawa. A ce yara biyu sun yi lissafi ɗaya. Na farko ya bi hanya daidai, ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe, ya samu sifili. Na biyu ya kwafi amsa daga gefensa, ya samu cikakken maki. Makarantar na iya rubuta gaskiya da riƙon amana a jikin kowane bango, amma jan biro ya riga ya faɗa wa yaran biyu abin da ake saye a wannan ajin. Satar amsa sau da yawa daga nan take tsirowa.

7. Ni malami ne. Ta yaya zan gano abin da ajina yake koyarwa a ɓoye?

Kada ka dogara da tunaninka, domin kowa yana tuna kansa a matsayin mai adalci. Ƙirga za ka yi. Zana taswirar kujerun ajin a takarda, kowane yaro da akwatinsa. Roƙi wani abokin aiki ya zauna a baya darasi uku, ba ɗaya ba, don darasin farko kowa yana gyara zama. Duk lokacin da ka kira yaro, ya sa ɗigo a akwatinsa. Idan yaro ne ya yi tambaya, ya rubuta ta yadda aka faɗe ta. A tambayoyi goma, ya ƙirga sakan nawa ka jira. Ya kuma rubuta kalmomin da ka fara furtawa bayan kowace amsar da ba daidai ba.

Ga yadda ake karanta sakamakon, da lambobin da na sa don misali kawai. Aji mai yara 48, layi shida. A darussa uku an yi tambaya 60 ga ɗaiɗaikun yara. Yara 9 sun kwashe 42 daga ciki, wato kashi 70 cikin ɗari. Sauran 18 sun rabu tsakanin yara 14. Yara 25, fiye da rabin ajin, ba a ji muryarsu ba ko sau ɗaya. Yanzu dubi inda ɗigogin suka taru: gaba da tsakiya ne, ko akwai ɓangaren da idonka ba ya zuwa? Maza da mata fa, rabon ya yi daidai da yawansu? Sannan ka duba tambayoyin yara. Idan bakwai ne, biyar daga ciki kuma irin su "Malam, mu kwafa?" da "Zai fito a jarrabawa?", to yaran sun gaya maka abin da suka fahimta cewa makaranta tana so.

Abu ɗaya da taswirar ba za ta kama ba shi ne amsar taro. "Kun gane?" Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Eee!" A sa a ƙirga wannan daban. Yawansa alama ce cewa yara sun koyi cewa faɗin "ban gane ba" ɓata wa malami lokaci ne.

8. Na ƙirga, kuma abin bai yi mini daɗi ba. Me zan fara gyarawa?

Ɗauki abu ɗaya ka riƙe shi wata guda. Mafi sauƙi shi ne jiran da aka yi bayani a amsa ta 5: ka yi tambaya, ka ƙirga uku a zuci kafin ka kira kowa, sannan idan yaron ya yi shiru ka sake ƙirga uku, don sau da yawa rabin amsar mai daɗi tana zuwa ne bayan wannan shirun. Ka gaya wa yaran abin da kake yi, in ba haka ba za su ɗauka fushi kake. A makon farko shirun zai yi maka nauyi ƙwarai, masu saurin ɗaga hannu kuma za su yi gunaguni saboda an taɓa musu gado.

Inda gyara yake lalacewa shi ne idan malami ya ga yara 25 ba sa magana, sai ya fara kiransu ba zato, a tsaye, gaban kowa. Yaron da bai saba ba ya daburce, aji ya yi dariya, darasin da ya ɗauka ya fi na da muni. Kafin ka kira irin wannan yaro, ka ba kowa minti ɗaya ya rubuta amsarsa ko ya faɗa wa na kusa da shi, don ya zamana yana da abin riƙewa. Idan amsa ta zo ba daidai ba, maimakon "a'a, wa zai taimake shi?", gwada "ta yaya ka kai ga wannan?" Jiran ma ba na kowace tambaya ba ne. Ba a buƙatar sakan uku don bakwai sau takwas idan ana bitar hadda. Bayan wata guda a sake taswirar amsa ta 7, a kwatanta.

9. Shin duk abin da ke cikin ɓoyayyar manhaja sharri ne?

A'a. A makaranta ne yara da yawa suke fara koyon cewa doka ɗaya tana hawa kan kowa, cewa ana jiran layi, ana gama aikin da aka fara, ana zama lafiya da wanda ba ɗan'uwa ba. Malamin da ya ce "na yi kuskure a allo, na gode da ka nuna mini" ya koyar da abin da babu littafin da zai koyar. Ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: da za a rubuta wannan darasin a fili a aika wa iyaye, makaranta za ta yarda ta sa hannu? "Muna koya wa yara sauraron mai magana" za ta sa. "Muna koya wa yara cewa mai jinkirin tunani ya yi shiru" ba za ta sa ba, ko da kuwa shi take koyarwa kullum.

10. Duk yara ne suke samun ɓoyayyar manhaja iri ɗaya?

Ba iri ɗaya ba ce, kuma nan ne maganar take da zafi. A 1980 Jean Anyon ta wallafa abin da ta gani a ajin biyar na makarantun firamare guda biyar a jihar New Jersey ta Amurka, waɗanda iyayen yaransu suka bambanta a arziki da sana'a. Darussan kusan ɗaya ne a takarda. Amma a makarantun 'ya'yan leburori, aiki yana nufin bin matakan da malami ya bayar ba tare da an bayyana dalili ba. A ta masu matsakaicin hali, aiki shi ne samo amsar da ke daidai. A ta 'ya'yan ƙwararru ana so yaro ya fito da tunaninsa da fasaharsa, a ta 'ya'yan manyan shugabannin kamfanoni kuwa ana horar da shi ya feɗe matsala ya kare hujjarsa. A fahimtarta, kowane rukuni ana shirya shi ne don irin aikin iyayensa. Makarantu biyar ba duniya ba ce, bai kamata a ɗora musu fiye da ƙarfinsu ba, amma tambayar da ta bari tana aiki a ko'ina: a wannan ajin, me kalmar "aiki" take nufi?

Ko a aji ɗaya ma ana samun bambanci. Yaron da a gidansu wani ya yi karatu ya zo da sanin dokokin da ba a faɗa: yadda ake tunkarar malami, cewa ana iya neman ƙarin bayani, abin da "tattauna" yake nufi a takardar jarrabawa. Wanda bai zo da su ba sai a ɗauka rashin ƙoƙari ne. Maganin wannan a hannun malami yake: ya faɗi dokar a fili, ya nuna samfurin aiki mai kyau, ya bayyana abin da ya sa ya yi kyau.

11. An ce zaton da malami yake yi wa yaro shi ke zama gaskiya. Har ina wannan ya kai?

Maganar ta shahara ne daga gwajin Robert Rosenthal da Lenore Jacobson na 1968, inda aka gaya wa malamai cewa wasu yara za su bunƙasa a shekarar, alhali an zaɓo sunayen ne kawai ba bisa wani ma'auni ba. An ga ƙarin ci gaba a wurin yaran, musamman a ƙananan azuzuwa. Sai dai masana sun soki yadda aka yi awon, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin yana nan amma yawanci bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Zato ba ya aiki daga zuciya kai tsaye, ta hannu yake bi: wa aka jira, wa aka ba tambaya mai wuya, wa aka yi wa bayani bayan kuskure. Duk waɗannan ana iya ƙirga su da hanyar amsa ta 7.

12. Ni uwa ce, ba na shiga aji. Ta yaya zan gane abin da ɗana yake ɗaukowa?

"Me kuka koya yau?" ba ta kawo komai sai "ba komai". Tambaye shi abin da ya gani: wa malam ya fi kira? Me ke faruwa idan mutum ya faɗi amsa ba daidai ba? Yaushe rabonka da yin tambaya a aji? Idan ƙarami ne, ki saurare shi lokacin da yake wasan makaranta da ƙannensa. Muryar da yake yi in ya zama malami, da abin da yake yi wa wanda ya kasa, sun fi katin sakamako faɗin gaskiya. Ki buɗe littafinsa kuma: alamar daidai da ta kuskure ce kawai, ko akwai kalma ko ɗaya da ke nuna masa inda zai gyara, kamar yadda amsa ta 6 ta bayyana?

Alamun da suka cancanci kulawa su ne yaro ya riƙa goge aikinsa da zarar an tambaye shi yadda ya yi, ko ya ƙi gwada hanyar da ta fi sauƙi saboda "ba haka malam ya ce ba", ko ya bar tambaya fanko don tsoron kuskure. Amma kada ki yanke hukunci da alama ɗaya. Yaro kan yi shiru saboda ba ya ganin allo da kyau, ko ba ya ji sosai, ko wasu yara suna tsangwamarsa, ko don a gida ma maki kaɗai ake tambayarsa. A fara kawar da waɗannan.

Idan za ki je wurin malami, kada ki je da tuhuma, je ki da abin da kika gani. "Malam, na lura idan bai tabbatar da amsa ba, ba ya rubuta komai. A aji ma haka yake yi?" Malamai da yawa za su tsaya su yi tunani a kan irin wannan tambayar. Ki roƙi abu ɗaya ƙarami da zai yiwu, kamar a gaya wa yaron tun farkon darasi tambayar da za a yi masa don ya shirya, sannan ku sa ranar da za ku sake haɗuwa bayan mako uku ko huɗu ku ga ko ya fara ɗaga hannu.